Mun sayi roba da araha, amma kuɗin ƙera kujera ya hau: ina aka yi ɓatan?

Rabi'u: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman a taya ni duba wani lissafi na masana'antar kujerun roba. Ba zan sa sunan kuɗi ba, lambobin kawai zan kawo. Ma'aunin da aka yanka wa kujera ɗaya shi ne: roba kilo 2.5 a kan 40 kowane kilo, wato 100. Aiki rabin awa a kan 60 kowace awa, wato 30. Ɗawainiya mai hawa da sauka 20 a kowace awa, wato 10. Tsayayyar ɗawainiya an yi mata kasafin 160,000 a wata, an raba wa kujera 8,000, kowace ta ɗauki 20. Jimla 160.

A watan da ya wuce an ƙera kujera 7,200. An sayi roba kilo 21,000 a kan 37, an yi amfani da kilo 19,800. An biya awa 4,200 a kan 62, amma 150 daga ciki zaman jira aka yi. Ɗawainiya mai hawa da sauka ta ci 85,000, tsayayyar kuma 165,000. Ni a ganina ɓangaren roba ya yi ƙoƙari, tunda kasafi ya ce kilo 20,000, su kuwa 19,800 suka ci, kuma da araha. Amma manaja ya ce kujera ta fi tsada. Wa ke da gaskiya?

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Idan kujera ta yi tsada ai sai ku ƙara farashin sayarwa, ku ɗora ribarku a kai. Mene ne na dogon lissafi?

Rabi'u: Ranka ya daɗe, ba maganar farashin sayarwa ba ce. Kasuwa ce ke yanka wannan, ba mu ba. So muke mu gane inda kuɗin ya zurare a cikin masana'anta.

Malam Sadisu: Wa alaikumus salam, Rabi'u. Manajanku ne ke da gaskiya, kuma tuntuɓen naka a matakin farko yake. Kilo 20,000 ɗin da kake aunawa da shi na kujera 8,000 ne, ku kuwa 7,200 kuka ƙera. Ba a auna abin da aka ci da kasafin asali. Sai ka fara tambaya tukuna: kujerun da suka fito a zahiri, nawa ya kamata su ci? Kujera 7,200 sau kilo 2.5, kilo 18,000 ke nan. An ci 19,800. Saboda haka ba rarar kilo 200 aka yi ba, wuce gona da iri aka yi da kilo 1,800, robar kujera 720 cif.

Yanzu ka raba maganar roba gida biyu, domin hannu biyu ne a cikinta, na mai saye da na mai ƙira.

```
Bambancin farashi = (40 - 37) x 21,000 = 63,000 sauƙi
Bambancin amfani = (19,800 - 18,000) x 40 = 72,000 asara
```

Ka lura, na biyun da 40 na ninka shi, ba da 37 ba. Da gangan ake yin haka. Mai kula da ɗakin inji ba shi ya je kasuwa ba, don haka ba a bari tashi ko faɗuwar farashi ta shiga lambar da za a tuhume shi da ita. Idan ka ninka da farashin da aka biya, a watan da roba ta yi araha ɓarnarsa za ta yi kamar ta ragu, a watan tsada kuma ta yi kamar ta ƙaru, alhali kilon da ya zubar ɗaya ne.

Nafisa: Malam, a gafarce ni, ni 59,400 na samu a farashi. Na ninka 3 da kilo 19,800 da aka yi amfani da su. Kuskure na yi?

Malam Sadisu: Ba ki yi kuskure ba, 'yata, hanya biyu ce. Abin da ke raba su shi ne farashin da ake rubuta kayan sito da shi. Idan ana shigar da roba sito a kan ma'auni, wato 40, to a ranar saye ake fitar da bambancin duka, a kan kilo 21,000, a samu 63,000. Idan kuma a kan ainihin abin da aka biya ake ajiye ta, sai an fitar da ita zuwa inji sannan bambancin ya bayyana, a samu 59,400 ɗinki. Ragowar 3,600 na kilo 1,200 ne da ke kwance a sito. Ni na fi son ta farko saboda tana kawo labari da wuri. Roba tana iya yin wata biyu a sito, kuma babu amfanin a gaya wa mai saye yau cewa cinikin da ya yi wata biyu baya ya kauce wa ma'auni. Sharaɗi ɗaya ne, a zaɓi hanya a zauna a kanta.

Hajiya Binta: To ai lissafin Malam ya wanke masu saye. Sun kawo sauƙin 63,000, 'yan ɗakin inji sun zubar da 72,000. Kowa ya ɗauki kayansa. Amfanin raba bambancin ke nan, a san wanda za a yaba da wanda za a kira ofis.

Injiniya Lawan: Hajiya, da girmamawa, wannan rabin magana ce. Lissafi ya raba lambobin, amma bai raba sanadi ba. Kafin a kira kowa ofis sai a tambaya: me ya sa robar ta zo a 37? Idan wata iri ce daban, ko an cakuɗa ta da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba, ɗakin inji ne zai biya kuɗin wannan arahar. Robar da narkewarta da gudunta ba su dace da yadda aka saita inji ba takan ƙi cika ƙarfen zubi, kujera ta fito da guntuwar ƙafa ko ɓulallen baya. Mai inji ya ƙara zafi da matsi don ta cika, sai kuma ta riƙa tsartuwa ta gefe, ana yanke leɓe ana zubarwa. Idan akwai datti a ciki, bakin injin ya toshe, a tsaya a wanke shi, kuma kowane wanki roba yake ci.

Sai dai ni ma ba zan yi saurin ɗora wa robar duk kilo 1,800 ba. A irin wannan aiki kujerar da ta lalace ba shara ba ce, niƙe ta ake yi a mayar da ita inji. Don haka yawan lalatattu ya fi cin lokaci da wuta a kan ya ci kilo. Idan kilo ya ɓace da yawa haka, wurare uku zan duba. Na farko, a ɗauki kujera 20 daga cikin na watan a ɗora a sikeli. Na biyu, a leƙa bayan inji a ga ko akwai buhunan niƙaƙƙiyar roba da aka tara ba a mayar ba, ba a kuma ƙirga ba. Na uku, a tabbatar 19,800 ɗin nan abin da inji ya ci ne, ba abin da sito ya fitar ba. Sau da yawa a ƙarshen wata buhuna na jingine kusa da inji, takardar sito ta riga ta rubuta su a matsayin an cinye.

Rabi'u: Injiniya, lambar daga takardun sito na ɗauko ta, zan bincika. Amma awon kujerar me zai nuna mini?

Injiniya Lawan: Zai nuna maka robar da ta fita ƙofa a jikin kaya masu kyau. Ka fara gano yadda aka gina kilo 2.5 ɗin. A ce kujerar kanta kilo 2.4 ce, aka ba da kashi 4 cikin ɗari na asarar da ba makawa, sai 2.4 a raba da 0.96 ya ba da 2.5. To idan ka auna ka tarar kujerun watan nan 2.5 suke maimakon 2.4, kowace ta tafi da ƙarin giram 100. Sau 7,200, kilo 720 ke nan, kashi biyu cikin biyar na abin da kake nema, kuma babu wanda zai gan shi a kwandon shara. Wannan yakan faru idan an matsa roba fiye da kima don gudun guntuwar ƙafa, ko kuma robar tana ɗauke da garin cike da ke ƙara mata nauyi.

Malam Sadisu: Madalla da wannan. Mu je ga aiki, domin a nan za ka ga ko maganar Injiniya tana da ƙafa. Kujera 7,200 a kan rabin awa, awa 3,600 ya kamata, wato 216,000. An biya 4,200 sau 62, wato 260,400. Giɓin 44,400 ne, kuma gida uku yake.

```
Farashin awa = (62 - 60) x 4,200 = 8,400 asara
Zaman jira = 150 x 60 = 9,000 asara
Saurin aiki = (4,050 - 3,600) x 60 = 27,000 asara
```

Awa 4,050 ita ce wadda aka yi aiki da gaske, bayan an cire ta jira. Kada ka bar zaman jira ya nutse cikin saurin aiki. Mutumin da ke tsaye saboda inji ya mutu ko wuta ta ɗauke ba nawa yake yi ba, kuma maganin matsalarsa yana wurin masu gyara ne. Ƙarin 2 a kan awa kuwa, ka duba ko kuɗin aikin ƙarin lokaci ne. Idan haka ne, shi ma ɗan wancan jinkirin ne: an makara, aka tsaya da yamma don a cika oda.

Ɗawainiya mai hawa da sauka tana bin awannin da aka yi aiki, ba waɗanda aka biya ba, domin injin da ke kashe ba ya shan wuta. Awa 4,050 sau 20 ya ba da 81,000, an kashe 85,000, saboda haka asarar kashewa 4,000 ce. Sai kuma ƙarin awa 450 ɗin nan sau 20, asarar 9,000. Wannan 9,000 ba wata sabuwar matsala ba ce, awa 450 ɗin dai ce ta sake fitowa a wani layi. Kada a tura mutum ya je yana binciken ta daban.

To, Hajiya Binta, in har ta tabbata robar ce sanadi, ga yadda cinikin yake. A kan robar da aka ci an samu sauƙin 59,400. An yi asarar 72,000 a kilo, 27,000 a lokacin ma'aikata, 9,000 a ɗawainiya, jimla 108,000. Arahar ta jawo faɗuwar 48,600.

Hajiya Binta: Na ji, amma "in har" ɗin nan babba ce, Malam. Ba a ga ranar da sabuwar robar ta fara shiga inji ba. Idan ɓarnar ta fara tun kafin zuwanta fa? Ƙarfen zubin da ya tsufa shi ma yana tsartar da roba, sabbin ma'aikata ma suna jan aiki. Masu saye su ne ake fara nuna wa yatsa duk lokacin da abu ya lalace.

Injiniya Lawan: Wannan gaskiyarki ce, kuma akwai yadda ake rabewa. A jera lalatattun kujeru rana-rana, inji-inji, a sa alama a ranar da aka buɗe buhun farko na sabuwar robar. Idan duk injuna suka fara ɓarna a rana ɗaya, roba ce. Idan inji ɗaya ne, ƙarfen zubinsa ne ko saitinsa. Idan kuma masu aikin dare ne kawai, a nemi dalili a wurin mutane. Jimillar wata ba za ta taɓa nuna wannan ba.

Hajiya Saratu: Ina so in taɓa 63,000 ɗin da kowa ya amince sauƙi ne. Rabi'u, yaushe aka yanka 40 ɗin? Farashin roba yana motsi da farashin ɗanyen mai da na canji, ba ya zama wuri ɗaya. A ce a watan nan irin robar da kuka saba saye ta sauka zuwa 36 a kasuwa. To faɗuwa daga 40 zuwa 36 ba ƙoƙarin kowa ba ne, ma'auninku ne ya tsufa, 84,000 ke nan a kan kilo 21,000. Shi kuwa mai saye da ya biya 37 a kasuwar 36, asarar 21,000 ya jawo. Ka cire wannan daga wancan, 63,000 ɗin dai ce, amma labarin ya juye gaba ɗaya. Haka ma idan kasuwa ta hau zuwa 45 shi kuma ya samo a 43, takarda za ta nuna asara alhali ya yi ƙoƙari.

Wahalar hanyar ita ce wa zai faɗi farashin kasuwa na gaskiya bayan wata ya wuce. Idan aka bar wa mai saye, kullum zai ce kasuwa ce ta hau. Sai a dogara da takardun tayin farashi na dillalai biyu ko uku, masu ɗauke da kwanan wata.

Nafisa: Saura tsayayyar ɗawainiya. An yi kasafin 160,000, an kashe 165,000, asarar 5,000. Shi ke nan ko?

Malam Sadisu: Wannan ɗaya ne, kuma shi ne kuɗin da ya fita aljihu. Akwai na biyu. Kowace kujera tana ɗaukar 20, to 7,200 sun ɗauki 144,000 kacal. Kujera 800 da ba a ƙera ba sun bar 16,000 babu mai ɗauka. Ki haɗa da 5,000, an samu 21,000 da ba a ɗora wa kaya ba. Amma ki kula, 16,000 ɗin ba ƙarin kashewa ba ne. Haya da albashin manaja suna nan yadda suke, ko an ƙera 8,000 ko 5,000. Abin da lambar ke cewa kawai, an biya kuɗin wuri ba a ci moriyarsa duka ba.

Ana iya ƙara fasa ta. Tsayayyar ɗawainiya 40 ce a kowace awa, tunda awa 4,000 aka yi kasafi. An yi 4,050, ƙarin 50 sau 40, sauƙin 2,000. Awa 450 da ta wuce ma'auni sau 40, asarar 18,000. Ragowar 16,000. Ma'anarsa, ba rashin awanni ne ya hana kujera 8,000 fita ba, awannin ne ba su haifar da abin da ya kamata ba.

Rabi'u, kafin ka kai wa manaja, ka gwada ko lissafin ya rufe. Duk abin da aka kashe 1,287,400 ne. Cire robar da ta rage a sito, kilo 1,200 a kan 40, wato 48,000, saura 1,239,400. Ma'aunin kujera 7,200 shi ne 1,152,000. Giɓi 87,400. Yanzu haɗa asarorin: 72,000 da 44,400 da 13,000 da 21,000, cire sauƙin 63,000. Idan bai ba ka 87,400 ba, akwai layin da ya zame. Na ɗauka babu ragowar roba a farkon wata, babu kuma kujerun da ba a gama ba.

Hajiya Saratu: Malam, a fasa 16,000 ɗin ne ban bi ka ba. Ninka awa da 40 yana sa manaja ya zaci kowace awa da ta ɓata tana cin 40 na haya, alhali ba ta ci. Abin da aka rasa a kujera 800 shi ne ribar da za su kawo in da akwai mai saye, kuma wannan lambar ba ta cikin takardar. Bugu da ƙari, idan aka riƙa tuhumar shugaban ƙira da bambancin yawan kaya, wato 16,000 ɗin nan, zai koyi cika sito da kujerun da ba a yi oda ba don lambarsa ta yi kyau. Ni a rahoton manaja layi ɗaya nake bar wa 16,000 ɗin.

Inda take da nauyi shi ne ƙimar kayan sito. Ƙa'idar IAS 2, wato ƙa'idar akanta ta ƙasa da ƙasa kan kayan sito, ta yarda a yi amfani da ma'auni idan sakamakonsa ya kusanci ainihin kuɗin da aka kashe, kuma ana sake duba shi a kai a kai. Ta ce a raba tsayayyar ɗawainiya bisa yawan ƙirar da aka saba, ba a ƙara wa kowace kujera kaso don wata ya yi rauni. Ɓarnar da ta wuce ta al'ada ita ma ba ta shiga ƙimar kaya, a asarar watan ake rubuta ta. Don haka kada kilo 1,800 ɗin nan ya ɓuya a cikin kujerun da ke jiran mai saye.

Malam Sadisu: Hatsarin cika sito gaskiya ne, Hajiya, ban musa ba. Amma a wannan watan fasawar ta amsa tambaya guda mai amfani: ko a ƙara ma'aikata ko kada a ƙara. Ta ce awanni sun isa. Zan ci gaba da lissafa ta, ko da ba za ta hau shafin farko ba.

Injiniya Lawan: Ni damuwata ta fi nan. A masana'antar da inji ke yanka saurin aiki, me ya sa ake ɗora ɗawainiya a kan awar mutum? Wuta, man inji da ruwan sanyaya ƙarfe duk awar inji suke bi. Idan an ƙara mutum biyu su riƙa yanke leɓen kujera, awannin mutane sun hau, wutar ba ta canza ba, amma takarda za ta nuna asarar ɗawainiya. Sannan idan ma'aikatan nan albashin wata suke karɓa, 27,000 ɗin ba kuɗin da za a iya ceto ba ne, ko sun yi sauri sai an biya su.

Malam Sadisu: A kan awar inji ina tare da kai, matuƙar akwai mitar da ke ƙirga ta kuma ana rubutawa kullum. Inda babu, gara awar mutum da aka ƙirga da awar inji da aka ƙiyasta. Maganar albashi kuwa, Rabi'u ya ce da awa ake biya, shi ya sa na bar ta haka.

Rabi'u: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan auna kujera 20, in ƙirga buhunan da ke gefen inji da niƙaƙƙiyar robar, in nemi ranar da aka buɗe sabon kaya da takardun tayin dillalai. Tambaya ɗaya ta rage: idan ta tabbata za a ci gaba da sayen wannan robar, in canza ma'auni zuwa 37 da kilo 2.75 tun yanzu?

Hajiya Saratu: Kada ka taɓa shi a kan wata ɗaya. Kilo 2.75 shi ne 19,800 a raba da 7,200, wato ka ɗauki ɓarnar da ba a gano sanadinta ba ka mayar da ita halas. Ko da za a zauna a kan robar, Injiniya ne zai fitar da sabon kilo ta gwaji a inji mai lafiya, da saiti mai kyau. Kuma ka gwada wa manaja wannan: 2.75 sau 37 ya kama 101.75, ya riga ya fi 100 na tsohon ma'auni tun kafin a zo maganar lokaci. Kawo mana nauyin kujerun idan ka auna, da lambar injin da kowace ta fito.